Wanda Bai Tsara Allo Ba, Bai Tsara Darasi Ba

Duk wanda ke son sanin abin da ake koyarwa a wata makaranta, ya bar ofishin hedimasta, ya shiga aji bayan an kaɗa ƙararrawar tashi, ya tsaya a bencin ƙarshe ya dubi allo. A yawancin ajujuwan gwamnati na Sabon Garin Gusau, da na Tsafe a kan hanyar Funtua, da na Bungudu a kan hanyar Sakkwato, abin da zai gani ba ya wuce ɗaya daga cikin biyu. Ko dai allo cike maƙil da ƙananan rubutun Turanci daga wannan kusurwa zuwa waccan, babu kan magana, babu zane, babu wurin da ido zai huta. Ko kuma allo mai kama da filin da kaji suka yi tono: rabin lissafi a nan, wata kalma a karkace can, ragowar darasin jiya a ƙasa, da sawun tafin hannun da aka yi goge da shi a tsakiya.

Allunan nan biyu shaida ce ta abu guda. Malamin ya shiga aji bai san abin da zai rubuta ba, bai san inda zai rubuta shi ba, bai kuma san abin da yake so ya rage a allon ba idan lokaci ya cika. Laifin kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai. Tsarin da ya horar da shi, da wanda ke duba aikinsa, da wanda ke gina masa aji, duk sun haɗu a kan cewa allo bango ne kawai da aka shafa wa baƙin fenti. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma yara ne ke biyan kuɗinsa kullum.

Littafin da yaro ke da shi

A ajin da mafi yawan ɗalibai ba su da littafin karatu, abin da ke allo shi ne littafin. Daga can yake komawa cikin littafin rubutun yaro, daga littafin rubutu ya tafi gida, a kansa za a yi bita ranar jarrabawa. Idan allo ya rikice, littattafan rubutu saba'in ko tamanin sun rikice tare da shi, domin yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ba ya gyara abin da ya kwafa. Idan malam ya goge mataki na biyu don ya samu wurin rubuta na huɗu, yaron da hannunsa ba shi da sauri zai koma gida da lissafi mai ɓuli a tsakiya, bai ma san akwai ɓulin ba.

Akwai kuma wani dalilin da ya shafi yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Masana irin su John Sweller na Ostiraliya sun daɗe suna nuna cewa abin da mutum ke iya riƙewa a kansa a lokaci guda, yayin da yake koyon sabon abu, kaɗan ne ƙwarai. Magana kuwa iska ce. Da an faɗe ta, ta wuce. Yaron da ke sauraron bayani cikin harshen da ba na gidansu ba, yana fama da fassara da fahimta a tare, kuma da ya yi ɗan jinkiri a jimla ɗaya, uku sun wuce shi. Rubutun da ya tsaya a allo shi ke ba shi damar komawa baya da ido, ya kamo zaren, ba tare da ya ɗaga hannu an yi masa dariya ba. Gani ya kori ji, in ji Bahaushe, amma sai idan abin ganin ya tsaya har a gan shi.

Abin mamaki, ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga wannan hikima. A makarantar allo, malam yana auna abin da za a rubuta wa yaro daidai ƙarfinsa, kuma ba a wanke allo sai karatun ya zauna, an biya wa malam ya gamsu. Wato akwai ƙa'ida a kan yawan abin da za a rubuta, akwai ƙa'ida a kan lokacin da za a share shi. Makarantar boko ta ari sunan allo, ta bar ladabinsa a baya.

Lissafin da ba a yi

Allo fili ne mai iyaka, kuma ana iya auna shi kamar yadda ake auna fuloti. A ɗauki allo mai faɗin santimita 360 da tsayin santimita 120, wanda ba ƙarami ba ne a ajujuwan jihar. Santimita 30 na ƙasa kawunan 'yan gaba sun tare wa 'yan baya, saboda haka abin amfani santimita 90 ne. Yaron da ke bencin ƙarshe yana nesa da allo da kimanin mita 8. Masu zanen alamomi suna da ƙa'idar aiki cewa tsayin harafi ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin 200 na nisan mai karatu, wanda a mita 8 ya kama santimita 4. Idan aka yi la'akari da allon da fentinsa ya koɗe, da duhun aji, da ƙurar hunturu, da yaran da ba a taɓa gwada idonsu ba, santimita 5 ya fi aminci, kusan faɗin yatsu uku na babban mutum.

Harafi mai santimita 5 yana buƙatar layi mai santimita 10, a haɗa da tazara. Ke nan allon layi tara yake ɗauka. Kowane layi, idan an cika shi daga gefe zuwa gefe, bai wuce kalmomi 16 ko 17 ba. Jimla kalmomi 150 ko ƙasa da haka, ba tare da zane ko ɗaya ba. Wannan shi ne iyakar gonar.

Sai a dubi dogon bayanin kalmomi 300 da ake ba yara su kwafa. Hanya biyu ce kawai za ta sa ya shiga wannan allo: a ƙanƙantar da rubutu har rabin aji su daina gani, ko a cika a goge, a sake cikawa. Idan aka ƙaddara cewa yaro yana kwafar kalmomi goma a minti ɗaya, kalmomi 300 sun cinye minti 30 daga cikin minti 40 na darasi. Minti goman da suka rage su ne na gaisuwa, da tsawatarwa, da neman alli. An yi rubutu, an cika shafi, iyaye sun ga littafi ya yi baƙi sun ji daɗi, amma babu inda aka yi koyarwa. Mafi muni shi ne inda malam ke miƙa wa monita littafinsa ya ce ya rubuta wa aji, shi kuma ya koma ƙarƙashin dalbejiya. Ranar nan an mayar da yaro ɗaya magatakarda, an mayar da sauran injin kwafa, aka kuma rubuta a rajista cewa an yi darasi.

Wanda ya yi wannan lissafi sau ɗaya ya gane cewa tilas a zaɓi abin da zai hau allo. Zaɓin kuwa ba a tsaye ake yin sa ba, da alli a hannu da yara tamanin suna surutu a baya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda aka ɗauki allo da daraja

A 1995 an ɗauki hotunan bidiyo na darussan lissafi 231 na aji takwas a ƙasashe uku: 100 a Jamus, 81 a Amurka, 50 a Japan. James Stigler da James Hiebert, waɗanda suka fitar da littafi a kan binciken a 1999, sun lura da wani bambanci da ba a zata ba. Malaman Amurka da yawa suna amfani da na'urar haska rubutu a bango, su nuna abu, su ɗauke, su nuna wani, domin burinsu shi ne su riƙe hankalin yara a kan abin da ake faɗa yanzu. Malaman Japan kuwa, a ƙasar da ba ta rasa na'urori ba, sun fi riƙe allo da alli. Suna fara rubutu daga hagu, su bi zuwa dama, kuma sukan ƙare darasi duk abin da aka rubuta yana nan, ta yadda ɗalibi zai ga tafiyar darasin tun daga tambaya har zuwa kammalawa.

Japanawa suna da suna ga wannan aiki, suna ce masa bansho, wato rubutun allo, kuma zanen yadda allo zai kasance a ƙarshen darasi wani sashe ne na shirin darasi da malam ke yi tun kafin ya shiga aji. Idan malamai suka taru don nazarin darasin ɗan'uwansu, sukan ɗauki hoton allon, su zauna a kansa suna muhawara: me ya sa aka sa wannan amsa kusa da waccan, me ya sa aka ja wa wannan layi. Nijeriya ma ta taɓa hulɗa da wannan makaranta ta tunani, ta hanyar shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, wanda aka fara da tallafin hukumar JICA ta Japan a jihohin Kaduna da Neja da Filato. Ba labarin wata duniya ba ne. Kuma a cikin dukkan abin da ake sha'awa a makarantun Japan, wannan ne kaɗai ba ya buƙatar lantarki, ko kwangila, ko kasafin kuɗi.

Rabin tiya da sulusin tiya

Ga yadda abin yake a aikace. A ɗauki malamar lissafi a aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Sabon Gari, tana da minti 40 da allon nan mai santimita 360, za ta koyar da yadda ake tara 1/2 da 1/3. Daren jiya ta ja murabba'i mai tsawo a kasan shafin shirin darasinta, ta raba shi gida huɗu, kowane gida yana wakiltar santimita 90 na allo, ta cika kowanne da ainihin abin da za ta rubuta. Aikin bai ɗauke ta fiye da minti goma ba, amma ya tilasta mata amsa tambayar da dogon shirin darasi ba ya yi: wane kuskure yara za su yi, kuma ina za a ajiye shi?

Da shigarta aji ta ja layi uku a tsaye. A gida na farko, can hagu, ta rubuta kwanan wata da kan darasi, sannan tunin jiya a layi ɗaya: 1/5 + 2/5 = 3/5. A ƙarƙashinsa ta rubuta tambayar yau, ta kewaye ta da akwati: Inna ta auni rabin tiya na gero, ta ƙara sulusin tiya, nawa ke nan duka? Minti biyar sun tafi. Ta ba yara minti goma kowa ya gwada a littafinsa, ita kuma tana zagayawa tsakanin bencina tana leƙawa. Ba maki take bayarwa ba, amsoshi uku take nema, waɗanda ta riga ta yi hasashensu a takarda.

Na farko shi ne 2/5, amsar wanda ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a ko'ina ake koyar da wannan lissafi. Na biyu 2/6, amsar wanda ya ji ƙishin-ƙishin cewa ana ninka lambobin ƙasa, ya ninka, amma ya bar na sama yadda suke ya tara. Na uku 5/6, amsar daidai. Ta sa aka rubuta ukun a gida na biyu, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, da alamar A da B da C, ba ta ce ga mai gaskiya ba, ba ta kuma goge ko ɗaya ba.

Gida na uku shi ne zuciyar darasin, kuma a nan ne shiri ke nuna kansa. Ta zana sanda mai tsawon santimita 60 a matsayin tiya guda. Ba da ka ta zaɓi 60 ba: lamba ce da 2 da 3 da 5 da 6 duk suke raba ta ba saura, don haka kowane zane zai fito daidai da ma'auni. A ƙarƙashinta ta zana rabi, santimita 30. Sai sulusi, santimita 20. Sai amsar A, biyu cikin biyar, santimita 24. Sai amsar B, biyu cikin shida, santimita 20. A ƙarshe ta haɗa rabi da sulusi baki da baki, santimita 50. Sanduna shida, kowace ta samu santimita 15 na tsayin allo, kuma dukkansu sun fara daga layi ɗaya a hagu.

Yanzu allo ne ke magana. Yaro a bencin baya yana gani da idonsa cewa sandar A ta fi sandar rabi gajarta. Ta yaya Inna za ta auni rabin tiya, ta ƙara wani a kai, gero ya ragu? Sandar B kuwa tsawonta ɗaya da sulusi, kamar an zuba rabin tiyar a ƙasa. Malamar ba ta buƙatar cewa kowa ya yi kuskure. Sai ta koma kan sandar tiya guda ta yanka ta gida shida, kowane santimita 10, ta sauko da layukan ƙasa. Rabi ya zama gida uku, sulusi ya zama gida biyu, haɗinsu gida biyar. Daga nan ta miƙa hannu hagu, ga tunin jiya da har yanzu yake nan: da aka tara 1/5 da 2/5, me ya sa ba a samu 3/10 ba? Domin lambar ƙasa sunan girman yanki ce, ba a tara suna. Wannan muhawara ta ci minti 15.

A gida na huɗu ta rubuta kammalawa cikin jimla biyu da yaran suka taimaka wajen ƙerawa, cewa ba a tara yankuna sai girmansu ya zama ɗaya, kuma 1/2 + 1/3 = 3/6 + 2/6 = 5/6. A ƙasa ta ba da aikin gwaji guda, 1/3 + 1/4, wanda sandar 60 ɗin nan za ta warware shi: 20 da 15 sun ba da 35, yanki bakwai ke nan masu santimita 5, wato 7/12. Abin da yara suka kwafa bai kai kalmomi 60 ba, da sanduna shida.

A lura da abin da zai faru da babu shiri. Da ta zana sandunan da ka, da sandar 2/5 tana iya fitowa ta fi rabi tsawo, hujjar ta rushe. Da ba su fara daga layi ɗaya ba, da ido bai iya kwatanta su ba. Da ta cika hagu da dogon bayani, da ta goge tunin jiya kafin lokacin da ake buƙatarsa ya zo. Da ta goge 2/5 da zarar an faɗe shi, kamar yadda aka saba share kuskure cikin gaggawa kamar abin kunya, da yaran da suka samu wannan amsa sun kwafi 5/6 ba tare da sun san abin da ya kayar da tasu ba, su kuma sake yin kuskuren ranar jarrabawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hukunci ne na koyarwa, kuma a takarda aka yanke shi, daren jiya.

Hanzarin masu hanzari

Za a ce yaran ba su da littattafai, dole a ba su dogon rubutu su kwafa. Rashin littafi gaskiya ne, kuma shi ne hujja mafi ƙarfi a kan a tsara allo. Yaron da ba shi da wani abin karatu sai littafin rubutunsa ya fi kowa buƙatar shafi mai tsari: tambaya, gwaji, zane, kammalawa. Shafi uku na Turancin da bai fahimta ba, wanda ya kwafa daga nesa yana haɗa haruffa da ka, ba littafi ba ne, kaya ne. Inda darasi ke buƙatar dogon bayani, kamar tarihi ko nazarin zamantakewa, sai a ware masa gida biyu na allo da minti goma na ƙarshe, bayan an yi bayani, a kuma taƙaita shi ya zama abin da yaro zai iya karantawa da kansa.

Za a ce malamin da ke da ɗalibai ɗari, da albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata, ba za a ɗora masa wani aiki ba. Wannan koke halas ne, babu mai hankalin da zai musa shi. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, 40 a sakandare, kuma kowa ya san nisan da ke tsakanin wannan da abin da ke ƙasa. Amma malamin nan ai yana rubuta shirin darasi shafi biyu ko uku kowane mako, da manufofi da matakai cikin Turancin da aka gada daga tsohon littafin wani, don kawai a sa hannu da jan biro. A rage wannan da rabi, a maye gurbinsa da zanen allo, aikinsa ya ragu, amfaninsa ya ƙaru. Kuma a aji mai ɗalibai ɗari, inda malam ba zai iya zuwa kan kowa ba, allo ne kaɗai ke isa ga kowa a lokaci guda.

Za a ce tsari yana ɗaure malami, darasi mai rai ba ya bin zane. Misalin da ya gabata ya amsa wannan. Rabin allon, gida na biyu da na uku, an bar shi ne domin abin da zai fito daga yara. Idan wani ya zo da amsa ta huɗu da ba a zata ba, akwai wurinta, saboda an tanadi fili. Malamin da bai tsara ba shi ne ke rasa inda zai sa tunanin yaro, sai ya ce masa ya zauna.

Za a kuma ce zamanin alli ya wuce, yanzu lokacin farin allo ne da allon lantarki. Farin allo ba ya sauya komai a wannan magana, illa ya ƙara wahala: sau da yawa ya fi na siminti ƙanƙanta, yana ƙyalli idan hasken taga ya doke shi, kuma ranar da maka ta bushe babu mai saye, darasi ya tsaya. Allon lantarki kuwa, ko an samu wutar, shafi yake nunawa ya ɗauke, wato dai matsalar da aka gani a ajujuwan Amurka tun 1995. Hannun da bai iya tsara mita uku da rabi na siminti ba, gilashi ba zai koya masa ba.

Inda gyara yake

A ƙarshen 2023 gwamnatin Zamfara ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma jihar da ta ga rufe makarantu a 2021 saboda satar ɗalibai ta san darajar kowace rana da yaro ya samu ya zauna a aji. Gina ajujuwa da gyara su wajibi ne. Sai dai idan aka yi rufi da fenti da bencina, aka bar minti 40 ɗin da ke ciki yadda suke, an bar jaki ana dukan taiki.

Gyaran farko yana hannun Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha da Ma'aikatar Ilimi: a sa zanen allo ya zama sashe na shirin darasi, rubu'in shafi, kuma hedimasta ya duba shi kafin ya sa hannu. Na biyu yana hannun masu duba makarantu. Maimakon su zauna a ofis suna ƙirga sa hannu, su shiga aji a minti biyar na ƙarshe, su tsaya a baya, su yi tambaya uku. Ana iya karanta rubutun daga nan? Wanda bai halarci darasin ba zai iya gane tambayar da aka yi, da hanyar da aka bi, da inda aka tsaya? Akwai tunanin ɗalibi ko ɗaya a allon? Sannan su karɓi littattafan rubutu uku daga bencin ƙarshe su kwatanta da allo. Wayar da ke aljihunsu ta isa ɗaukar hoto, kuma hotunan allo goma daga makaranta ɗaya sun fi rahoto mai shafi ashirin faɗin gaskiya.

Na uku yana hannun masu horar da malamai, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau da Kwalejin Ilimi ta jiha da ke Maru. Bai isa a duba ko rubutun ɗalibin malanta yana da kyau ba, ko yana juya wa aji baya. Kafin ya fita koyon aiki, a ba shi allo da alli da tambaya ɗaya, a ce ya nuna yadda allon zai kasance a minti na 40, ya kuma kare dalilin kowane layi. Na huɗu yana hannun masu ba da kwangila: a rubuta faɗin allo da tsayinsa daga ƙasa a cikin takardar aiki, a hana fenti mai sheƙi, a kuma lura kada taga ta watso haske kai tsaye a kansa. Allon da yara ke shafa wa gawayi ko baƙin cikin batir duk ƙarshen mako, a ginin da aka kashe wa miliyoyi, abin kunya ne da gwangwanin fenti ɗaya zai kawar.

Iyaye ma suna da nasu awon. Uban da ya buɗe littafin ɗansa ya ga shafi cike ya yi hamdala, ya ƙara mataki ɗaya: ya sa yatsa a kan layi guda ya ce a bayyana masa. Idan yaron ya yi shiru, abin da ya faru a ajin nan kwafa ce. Idan ya ja takarda ya zana sanda, ya yanka ta gida shida, ya nuna inda rabi ya tsaya da inda sulusi ya tsaya, to akwai malamar da ta zauna daren jiya da biro da rula, ta yanke shawarar cewa sandar za ta zama santimita 60.